Wayar Hajiya Saude a Cikin Gwangwani

Litinin, 9 ga Maris, 1998

Na daɗe ina jin wai akwai tarho marar igiya, mutum yana kasuwa ya amsa kiran gidansa. Na ɗauka tatsuniyar 'yan tasha ce. Yau na gan shi. Hajiya Saude mai bandar kifi ta kawo rediyo wurin Dzarma, saurayin da ke gyara a shagon ƙofar gidana, ta tafi ta bar wayarta a kan benci.

Talata, 10 ga Maris

Ta aiko tambaya. Dzarma ya ce, "Ban lura ba, zan duba." Tir! Ina kallo ya zare batirin jiya, ya jefa wayar cikin gwangwanin kusoshi. Na nemi dalili, ya ce uwar wayar tana gidanta a unguwar Galtimari, da eriya bisa rufi. In an danna wani maɓalli a can, wannan sai ta yi kuka ta tona kanta.

Laraba, 11 ga Maris

Ba'ana dillalin shanu ya zo. Shi uwar waya gare shi, saniya ta take masa 'yar, wato abin ɗauka. Dzarma ya kwance bayan wayar da sukundireba, yana nuna masa inda lambar sirri take: in aka daidaita ta da uwar wayar Ba'ana, ta manta Hajiya har abada. Tsohon banza yana shafa gemu, wai "tsintuwa ai ba sata ba ce." Na tofar da goro na shige gida.

Alhamis, 12 ga Maris

Kafin ya sauya lambar, Dzarma ya mayar da batiri don ya gwada. Da na ji layin ya kama, sai na ji bakina yana cewa, "Ɗana, 'yata Zaratu tana Kano, rabona da muryarta tun sallah. Gaisuwa kawai."

Ya dube ni. "Baba, har kai?"

Sai wayar ta yi ƙara. Ta yanke, ta sake, har sau huɗu. Can ya ce a hankali, "Wani ne ke neman ta. Kwana uku ke nan babu abin ɗauka a gidan."

Ya ɗaure kusoshin bayan wayar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya hau keke cikin ranar nan ya nufi Galtimari.

Juma'a, 13 ga Maris

Ba'ana ya yi ta zage-zage. Ban fito ba.

Asabar, 14 ga Maris

Yaran zamani dai sai addu'a. Amma an ce Dzarma bai ce tsinta ya yi ba, ya gaya wa Hajiya komai, har batun batiri da gwangwani. Ni kaɗai ya tsallake. Na aika masa da tuwo, don ya yi yawa ne kawai. Mai shayi ya ba ni labarin, sai Hajiya Saude da kanta, da ta zo karɓar rediyonta tana yaba tarbiyyar da nake ba shi.