Giginyun Baba da Masu Porje

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya zaman Yamai? Yaya iyali, da ƙafar Inna? Mu nan Gaya lafiya lau.

Masu porje, ma'aikatan wani shirin kare itatuwa, sun zo kan gonarmu ta Tanda. Sun ce itatuwa na shanye hayaƙin da ke ƙara wa duniya zafi, don haka masu masana'antu a ƙasashen waje za su biya mu in muka bar giginyun Baba tsaye shekara talatin. Ba sara, kuma a bar ƙwallon ya tsiro, a daina haƙar muruci.

Kawu Mamman ya ce, "Ka sa hannu, jikokinka su iske inuwa."

Matata Hadiza, da tsohon cikinta, ta ce, "Mu za mu ci kuɗin, na cikin nan kuma ya tashi ya iske gonar a ɗaure. Wa ya tambaye shi?"

Yaya, in na ƙi, na san yunwa za ta sa mu sare su. In na yarda, na yi alkawari da bakin wanda ba a haifa ba. Na ce su jira ka, gonar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Ka sa mu a addu'a, Allah ya sauke ta lafiya. A gaida Inna da yara.

Ƙanenka,
Sani